Raba 172.16.8.0/22 Gida Takwas: Kundin Aikin Wata Makaranta a Agege

Litinin, 6 ga Oktoba

Aikinmu shi ne raba adireshin IP na hanyar sadarwar makarantar zuwa yankuna. Makarantar reshe ce, uwar ƙungiyar tana da wasu rassa a Mile 12 da Idi-Araba, kuma za a haɗa su duka ta rauta don su riƙa ganin juna. Saboda haka ba mu ne muka zaɓi adireshi ba. Babban ofishi ya ba kowane reshe kasonsa, na Agege shi ne 172.16.8.0/22, kuma reshe na gaba ya fara daga 172.16.12.0. Ba mu da ikon taɓa ko adireshi ɗaya a wajen abin da aka ba mu.

Kason yana cikin adireshin cikin gida da RFC 1918 ta ware a 1996, wato daga 172.16.0.0 zuwa 172.31.255.255, waɗanda ba sa yawo a intanet.

Kafin a raba abu sai an san girmansa. Adireshin IPv4 bit 32 ne, an jera su gida huɗu, kowane gida bit 8. Lambar da ke bayan sanda ita ce tsawon firifis, tana faɗin bit nawa ne daga hagu aka kulle ba za su canja ba. A nan 22 ne a kulle, saura 10 a sake. Biyu sau biyu har sau goma ya ba da 1024, adireshin da muke da su ke nan. Kowace lamba a gida na uku tana ɗaukar adireshi 256, to 1024 zai cinye lambobi huɗu: 8, 9, 10 da 11. Kason ya fara a 172.16.8.0, ya ƙare a 172.16.11.255.

Mun duba ko farkon ya zauna a kan iyaka, domin ba kowace lamba ce ke iya buɗe /22 ba. Tunda yana tafiya huɗu-huɗu a gida na uku, dole lambar gidan ta rabu da huɗu ba saura: 0, 4, 8, 12, haka har 252. Takwas ta rabu. Da a ce takardar ta ce 172.16.10.0/22, da ba farko ba ne, tsakiyar kason da ya fara a 8 ne. Ana yawan ganin wannan a takardun da aka rubuta da ka, kuma idan aka gina a kansa, rabin aikin zai faɗa cikin adireshin reshen maƙwabta.

Ƙidayar na'urori da muka yi da shugaban makaranta ta nuna ana buƙatar yanki shida: ofis mai na'ura wajen 30, ɗakin malamai wajen 45, zauren jarrabawar kwamfuta biyu kowanne da kwamfuta 100, kyamarori 24, sai wayifai na baƙi wanda ba a iya ƙidaya masu hawansa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Yau aka yi lissafin rabon, a kan takarda tukuna.

Ana raba kaso ne ta hanyar aron bit daga cikin goman nan da ke sake, a ƙara su a kan firifis. Bit ɗaya yana raba kason biyu, bit biyu huɗu, bit uku takwas, bit huɗu goma sha shida. Babu shida a jerin, kuma ba za a samu ba, domin rabo daidai wa daida ba ya zuwa sai a ninkin biyu. Mai buƙatar shida zai ɗauki takwas, biyu su zauna a ajiye.

Akwai tambaya biyu da dole amsarsu ta haɗu a lamba ɗaya: yanki nawa ake so, kuma na'ura nawa yanki mafi cika zai ɗauka. Mun gwada maƙwabtan amsar don a ga dalilin da ya sa ba su yi ba. Aron bit biyu ya ba da /24, yanki huɗu masu adireshi 256, da faɗi amma ba su kai shida ba. Aron bit huɗu ya ba da /26, yanki goma sha shida masu adireshi 64, na'ura 62 kawai kowanne zai ɗauka, zauren jarrabawa kuwa kwamfuta 100 ne. Saura aron bit uku: 22 a tara da 3 ya zama /25. Bit 7 suka rage a sake, wato adireshi 128 a kowane yanki.

Daga 128 ɗin nan biyu ba a ba na'ura. Na farko sunan yankin ne, shi rauta ke rubutawa a teburinta. Na ƙarshe adireshin shela ne, wanda saƙon da aka aika masa ke isa ga kowa a yankin. Saura 126. Rauta za ta ɗauki ɗaya ya zama ƙofar fita, na'urori su samu 125. Kwamfuta 100 sun shiga, da sarari ga firinta da kwamfutar mai sa ido.

Abin da ya sa wannan rabon ya fi na /24 da aka saba rikitarwa shi ne bit ukun da muka ara ba a gida ɗaya suke ba. Biyu suna ƙarshen gida na uku, ɗaya yana farkon gida na huɗu, ɗigo ya ratsa tsakaninsu. Ga gida na uku da na huɗu a rubuce da sifili da ɗaya, an sa sanda a inda /22 ya tsaya da inda /25 ya tsaya:

```
000010|00 . 0|0000000   8.0
000010|00 . 1|0000000   8.128
000010|01 . 0|0000000   9.0
000010|01 . 1|0000000   9.128
000010|10 . 0|0000000   10.0
000010|11 . 1|0000000   11.128
```

Idan aka manta da ɗigon aka karanta abin da ke tsakanin sandunan biyu kawai, ƙirga ce ake yi daga 000 zuwa 111. An tsallake biyu a jerin don kada ya yi tsawo, 10.128 da 11.0, amma a kan tsari ɗaya suke. Ɗigon don idon mutum aka sa shi, rauta ba ta san da shi ba.

Wanda ba ya son ganin sifili da ɗaya yana da gajeriyar hanya. Maskin /25, wato tsawon firifis ɗin a rubuce da siffar adireshi, shi ne 255.255.255.128. A cire 128 daga 256, abin da ya rage shi ne takun da ake yi a gida na huɗu. A fara daga 8.0, a ƙara 128 ya zama 8.128, a sake ƙarawa ya zama 8.256, wanda babu shi, sai ya koma 9.0. Haka har a isa 11.128. Idan taku na gaba ya sauka daidai a 12.0, inda kason maƙwabta ya fara, lissafin ya fita.

Wani daga cikin masu koyon aiki ya kawo tsohon littafinsa inda aka ce bit uku yanki shida suke bayarwa, a cire na farko da na ƙarshe. Wannan dokar RFC 950 ce ta 1985, lokacin da ake gudun yankin da bit ɗinsa duk sifili ne ko duk ɗaya. Tun zuwan CIDR a 1993, inda kowane adireshi ke tafiya da firifis ɗinsa, dalilin ya kau, kuma na'urorin yanzu suna karɓar duka takwas. Cire biyun da ya rage shi ne na adireshin na'urori a cikin yanki, ba na yawan yankuna ba. Ana yawan cakuɗa su.

Asabar, 11 ga Oktoba

An sa kwamfuta ta duba lissafin takarda:

```python
import ipaddress
kaso = ipaddress.ip_network("172.16.8.0/22")
for y in kaso.subnets(new_prefix=25):
    print(y, y[1], y[-2], y.broadcast_address)
```

Ta fitar da layi takwas, sun yi daidai da namu. Wannan ɗan shirin yana da wani amfani: idan aka ba shi 172.16.10.0/22 zai ƙi, ya ce `has host bits set`, wato adireshin ba a kan iyaka yake ba.

Ga yadda aka rarraba, kowane yanki da VLAN ɗinsa, wato ɓangare mai lamba da suwic ke keɓe masa daga sauran. Ofis ya ɗauki 172.16.8.0/25 a VLAN 10, na'urorinsa daga .1 zuwa .126, shela a .127. Malamai sun ɗauki 172.16.8.128/25 a VLAN 20, daga .129 zuwa .254, shela a .255. Zaure na ɗaya 9.0 a VLAN 30, zaure na biyu 9.128 a VLAN 40, kyamarori 10.0 a VLAN 50, baƙi 10.128 a VLAN 60. Kowane yanki da ya ƙare da .0 yana bin tsarin na ofis, wanda ya ƙare da .128 yana bin na malamai.

Da gangan aka bar 11.0 da 11.128 tare a matsayin ajiya, maimakon a bar ɗaya a tsakiya ɗaya a ƙarshe. Dalilin zai fito idan wani yanki ya cika.

Ƙa'idarmu ita ce ƙofar fita ta zama adireshin farko mai amfani a kowane yanki. A yankunan ƙasa, masu farawa a .0, .1 ce, a yankunan sama, masu farawa a .128, .129 ce. Wannan ta biyun ita hannu ke mantawa, domin kowa ya saba ƙofa ta ƙare da .1. An rubuta ta da maka a jikin takarda an manna a ƙofar akwatin suwic.

Saitin zaure na biyu a rautar MikroTik, a matsayin misali:

```
/ip address add address=172.16.9.129/25 interface=vlan40
/ip pool add name=zaure2 ranges=172.16.9.138-172.16.9.254
/ip dhcp-server network add address=172.16.9.128/25 gateway=172.16.9.129
```

An bar .130 zuwa .137 ga abubuwan da ake sa wa adireshi da hannu. Daga .138 zuwa .254 adireshi 117 ne, sun isa zauren.

Abin lura a nan shi ne iyakar da ake ba DHCP, mai raba wa na'urori adireshi da kansa. A zaure na ɗaya an tsaya a .126. Wanda ya saba da /24 zai rubuta .10 zuwa .200 ba tare da tunani ba, kuma ba lalle rauta ta hana shi ba. Abin da zai biyo baya shi ne wata kwamfuta ta samu .127, adireshin shela, wasu su samu .128 zuwa sama, waɗanda a lissafin maski suna wani yanki dabam da ƙofarsu. Alamar ita ce a zaure ɗaya, a suwic ɗaya, wasu kwamfutoci suna aiki wasu ba sa yi, kuma masu matsalar suna canjawa daga rana zuwa rana. Kafin a zargi kebul, a buga `ipconfig` a duba lambar ƙarshe: in ta wuce 126 a yankin ƙasa, an samu dalili.

Talata, 14 ga Oktoba

An gama jan kebul na zaure na biyu, an kunna VLAN shida duka. Wasu kawunan kebul sun ƙare, an sayo daga Computer Village a Ikeja. Kowane yanki yana samun adireshi, yana isa ƙofarsa, yana fita intanet.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ƙorafi ya zo daga ɗakin malamai. Wata malama ta ce: "Injiniya, firintar ofis ta ƙi mu. 'Yan zaure suna bugawa, mu da muke kusa da ita ba ma iyawa."

Bayaninta ya riga ya nuna inda matsalar take, domin da firintar ce ta lalace ko kebul ɗinta, da babu mai bugawa. Adireshinta 172.16.8.20, an sa shi da hannu tun kafin wannan aikin. Daga kwamfutar zaure mai 172.16.9.30, `ping` yana samun amsa. Daga kwamfutar malamai mai 172.16.8.150, shiru. An buga takardar saitin firintar daga jikinta, sai ga `Subnet Mask` ɗinta 255.255.255.0, wato /24, ƙofarta kuma 172.16.8.1.

Yana da kyau a bi saƙon taki-taki, domin wannan matsalar za ta sake dawowa a duk inda aka raba /24 biyu.

Kafin kowace na'ura ta aika saƙo, tana ɗora maskinta a kan adireshinta da kan adireshin da za ta aika wa, ta ga ko sun faɗa yanki ɗaya. In yanki ɗaya ne, tana neman ɗayar kai tsaye da ARP, wato ta yi shela a VLAN ɗinta tana tambayar wa ke da wannan adireshin. In ba ɗaya ba ne, sai ta miƙa wa ƙofar fita.

Kwamfutar malamai tana da /25, don haka bit na farko a gida na huɗu ne ke yanke mata hukunci. Lambarta 150 ita ce 10010110, ta fara da ɗaya, yankinta 8.128. Lambar firinta 20 ita ce 00010100, ta fara da sifili, yankin 8.0. Sun bambanta, sai ta miƙa wa 172.16.8.129. Rauta ta karɓa, ta tsallaka da shi VLAN 10, saƙo ya isa firinta lafiya lau. Har nan babu abin da ya ɓaci.

A wajen mayar da amsa ne abin ya tsaya. Firintar tana da /24, ba ta duban gida na huɗu ko kaɗan. A wurinta 8.20 da 8.150 maƙwabta ne, don haka ba ta nufi ƙofa ba, sai ta shiga shela a VLAN 10 tana neman .150, wadda ke VLAN 20 inda shelar ba ta isa. Kamar fili ne da aka yanka fuloti biyu aka ja katanga, mai tsohuwar takarda yana ta ƙwala wa maƙwabci kira ta inda yanzu babu hanya. Ita kuwa kwamfutar zaure gida na ukunta 9 ne, ko a idon /24 baƙuwa ce, sai firintar ta bi ta ƙofa yadda ya kamata. Shi ya sa na nesa ke bugawa na kusa ba sa iyawa.

An tabbatar da haka ta hanyar sa kwamfutar hannu a VLAN 10 a saurari shela yayin da ake `ping` daga ɗakin malamai:

```
tcpdump -n arp
ARP, Request who-has 172.16.8.150 tell 172.16.8.20
```

Layin yana ta maimaituwa babu amsa. Idan aka ga na'ura tana amfani da ARP wajen neman adireshin da ba na yankinta ba, galibi maskinta ne ya yi faɗi. An mayar da shi 255.255.255.128, bugu ya fara fita nan take.

Akwai wata hanya da ake rufe irin wannan ba tare da an gyara ba, wato a kunna `proxy-arp` a rauta ta riƙa amsa shelar a madadin wanda ake nema. A rautocin Cisco masu IOS a kunne yake zuwa, shi ya sa maskin da ba daidai ba kan daɗe a wurare da yawa ba a gane ba, sai ranar da aka canja rauta. Ba mu kunna shi ba. A ganinmu gara na'urar da ke da kuskure ta tsaya cak a gan ta, da a ce tana aiki bisa dalilin da babu wanda ya rubuta a ko'ina.

Tunda abu ɗaya ya fito, an zagaya duk na'urorin da aka sa wa adireshi da hannu. An samu kyamarori uku da 255.255.252.0, maskin kason gaba ɗaya. Suna aika hoto ga na'urar adanawa ba matsala tunda VLAN ɗinsu ɗaya, amma babu mai iya buɗe su daga ofis, domin a wurinsu duk abin da ke tsakanin 8.0 da 11.255 na gida ne. Lambar /22 ta takarda ce da ta babban ofishi, wanda ke nuna duk kason Agege da layi ɗaya a teburin rautarsa. A cikin makaranta babu na'urar da ya kamata ta ɗauke ta.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ranar Asabar an yi taron iyaye, wayifai na baƙi ya cika. Wayoyi suna haɗuwa amma suna tsayawa a neman adireshi, jerin DHCP kuma ya nuna duka 117 an bayar. Yawancin masu riƙe da su sun riga sun tafi, amma wa'adin da aka ba kowane adireshi kwana ɗaya ne, don haka bai dawo ba. An rage wa'adin wannan yankin kaɗai zuwa awa ɗaya.

A nan ne iyakar rabon daidai ta bayyana. Kyamarori 24 suna zaune a yanki mai ɗaukar 126, sama da adireshi ɗari ba mai amfani da su, ga baƙi a gefensu suna rasa. An san da wannan tun farko, kuma an karɓe shi saboda maski ɗaya a ko'ina ya fi sauƙin riƙewa ga wanda zai kula da wurin bayan mun tafi. Amma adireshin da ke zaune a yankin kyamarori ba sa aruwa ga maƙwabci.

An kawo shawarar a haɗa yankin baƙi, 10.128, da na ajiya da ke biye da shi, 11.0, su zama /24 ɗaya. Ba zai yiwu ba, duk da suna manne da juna. Yanki biyu suna haɗuwa ne kawai idan bit ɗin ƙarshe na firifis shi kaɗai ya bambanta su. Bit ukun 10.128 su ne 101, na 11.0 kuma 110, sun bambanta a wuri biyu. A sauƙaƙe, /24 dole ya fara a .0 ya ƙare a .255 na lamba ɗaya a gida na uku. Abokin haɗin 10.128 shi ne 10.0, inda kyamarori suke. Abokin 11.0 shi ne 11.128, kuma dalilin barin su tare ke nan: a haɗe sun zama 172.16.11.0/24 mai ɗaukar 254.

Za a duba jerin DHCP a taro na gaba. In gajeren wa'adin ya wadatar, ba a taɓa komai. In adireshin da aka bayar a lokaci ɗaya sun wuce 100, za a mayar da VLAN 60 zuwa 172.16.11.0/24 da ƙofa a 172.16.11.1, DHCP daga .10 zuwa .254, a saki 10.128/25 ya zama sabuwar ajiya. Tunda babu na'ura mai adireshin hannu a yankin baƙi, canjin layi uku ne a rauta, sai dokar bangon tsaro da ke hana baƙi shiga ofis da zauruka, wadda har yanzu take ɗauke da tsohon adireshin kuma dole a gyara ta a zama ɗaya.